Makon Farko na Sabon Ma'aikaci a Asibitin Karkara: Kada a Miƙa Masa Makulli Ranar da Ya Iso

A shekarar 2025 gwamnatin Jihar Sakkwato ta fito da tsarin tura ma'aikatan lafiya aikin wajibi na shekara biyu a karkara, saboda yawancinsu sun taru a cikin birni, ƙauyuka kuwa suna fama da ƙarancin hannu. Ma'anar wannan ita ce asibitocin Wurno da Rabah da Goronyo, da ƙananan asibitocin mazaɓu irin su Boyekai da Shinaka da Achida da Gandi, za su riƙa ganin sabbin fuskoki ɗauke da takardar turi. Wasu sun fito ne daga Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Gwadabawa, wasu daga makarantar jinya da ungozoma ta Sakkwato, wasu kuma sun yi shekaru a babban asibiti inda likita ke kusa a kowane lokaci. Abin da ke faruwa da su a kwana biyar na farko shi ne batun wannan rubutu, kuma da shugabannin asibitocin nake magana, waɗanda muke kira incaj, tare da kwamitocin unguwa da ke dafa musu.

Abin da aka saba kowa ya san shi. Sabuwar malama ta iso da safe, an gaisa, an zaga da ita ɗakuna cikin minti goma, sai a ce mata ga kujera, ga rajista, ga layi. Kafin Laraba sunanta ya shiga jadawalin kwana. Incaj ba mugunta ya yi ba, ya gaji ne, ya daɗe yana jiran mai rage masa nauyi. Amma wadda aka zaunar haka za ta koyi aikin ne a jikin marasa lafiya, kuma kuskuren da ta fara da shi a makon farko shi za ta ɗauka daidai ne har wani ya gano, wata uku ko shida nan gaba.

Shawarar farko, wadda sauran duka suka rataya a kanta, ita ce kada a ƙirga sabon ma'aikaci cikin masu aiki a makonsa na farko. Jadawalin makon ya tsaya kamar bai zo ba. Asibitin da ya rayu wata da watanni da mutum huɗu zai iya ƙara kwana biyar da mutum huɗu. A ware masa mutum ɗaya tak da zai bi, kuma ba lallai incaj ba, domin incaj yau yana taro a sakatariya, gobe yana karɓo magani. A zaɓi wanda hannunsa ke da tsabta a aiki kuma ba ya ƙosawa da tambaya. Wannan mutumin aikinsa zai yi sanyi, layinsa zai ɗan yi tsawo, don haka a faɗa wa sauran tun kafin ranar, a raba nauyin, kada a wayi gari ana gunaguni.

Sai masauki. Shirin tura ungozomomi karkara da gwamnatin tarayya ta fara a 2009 ya kai ƙwararrun mata ƙauyuka da yawa a Arewa, amma cikin manyan dalilan da suka sa wasu ba su zauna ba akwai rashin wurin kwana mai kyau da jinkirin alawus. Alawus ba ya hannun incaj, amma ɗaki yana hannunsa da na kwamitin unguwa. Kafin baƙuwa ta iso a duba ƙofa tana kulluwa, akwai gidan sauro, an san inda za ta samu ruwa da wanda zai ɗebo. Wadda ta kwana uku tana tsoro ba za ta riƙe abin da ake koya mata da rana ba.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce ƙaramin asibiti ne a yankin Goronyo, cikin watan Agusta, ruwa ya kankama, fadamar Rima ta cika, zazzaɓin cizon sauro yana kan ganiyarsa. Ma'aikata su ne incaj, ungozoma ɗaya, malaman asibiti biyu, mai gwaji, mai yanka kati, mai shara da maigadi. Talata ranar rigakafi ce, Laraba ranar awo. An turo jami'ar lafiyar al'umma wadda ba ta daɗe da gama makaranta ba. Tsarin makonta ba daga littafi za a kwafo shi ba, daga waɗannan ranakun za a gina shi: abin da asibiti ke yi a kowace rana shi za ta koya a ranar, tana tsaye kusa da mai yinsa.

Ranar Litinin ba ta taɓa mara lafiya. Bayan an duba takardar turi da lasisinta, sai a sa ta bi uwa guda mai goyo tun daga bakin ƙofa har ta fita da magani: yanka kati, awon nauyi, ɗakin dubawa, gwaji, wurin magani. Ta yi haka da mutum uku ko huɗu. Ta nan za ta ga inda ake daɗewa, inda kati ke ɓata, da inda uwa ke fita ba ta gane yadda za ta ba da magani ba. Da rana kuma a nuna mata abubuwan da ake nema a guje cikin dare, kuma ta taɓa kowanne da hannunta: akwatin gaggawa, jakar hura wa jariri iska, tocila, makullin ma'ajin magani da wanda ke kwana da shi. A ƙarshe ta zuba lambobin waya a wayarta a gaban mai koya mata: incaj, ungozoma, direban da ke amsa kira da dare, wanda ake kira a Babban Asibitin Goronyo kafin a tura mara lafiya, da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Lambar da ke manne a bango ba ta da amfani idan wuta ta ɗauke kuma mai naƙuda tana zubar da jini.

Abin da ya fi cancantar a daɗe a kansa shi ne layi. A asibiti mai cunkoso yaro yakan mutu a kan benci, a bayan uwarsa, yana jiran lambarsa ta zo, domin matanmu da yawa ba za su tsallake layi su ce ɗansu ya fi na kowa jin jiki ba. Kawaici ke hana su. Saboda haka aikin farko da za a koya wa sabuwar malama shi ne ta fita ta zaga layin, duk bayan rabin awa, tana buɗe goyo tana dubawa. Alamomi huɗu take nema, waɗanda ta karanta a makaranta amma ba ta saba farautarsu cikin taro ba: yaron da ba ya iya shan nono ko ruwa, wanda ke amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, wanda ya yi taune-taune, da wanda ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Duk mai ɗaya daga cikinsu ba ya jira.

Ga yadda darasin ke tafiya a zahiri. Suna zagawa sai suka tarar da yaro ɗan shekara biyu, jiki zafi, ido a lumshe. Mai koyarwa ba za ta karɓe aikin ba, za ta ce, “Malama, tambayi innarsa.” Ita kuma ta durƙusa ta ce, “Inna, yaushe rabonsa da shan wani abu?” Uwar ta ce tun jiya da dare, kuma da asuba ya sandare sau ɗaya. Alama biyu ke nan, sai ciki. A kan sikeli ya yi kilo 9. Sabuwar malama ta ɗaga rigarsa ta ƙirga numfashi na minti ɗaya cikakke da agogo, ba rabin minti a ninka ba, domin numfashin yaro ba ya tafiya daidai. Ƙa'idar ita ce daga wata 2 zuwa shekara ɗaya, 50 ko fiye ya yi sauri; daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40 ko fiye. Ta auna dantsensa na hagu, a tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, tef ya nuna santimita 11.2. Duk abin da ya gaza 11.5 ja ne, tamowa ce mai tsanani. A nan mai koyarwa ta sake awon da kanta, domin sabon hannu yakan ja tef ya matse fata ko ya bar shi sako-sako, kuma 'yan milimita ne ke raba ja da ruwan ɗorawa.

Wannan yaro ba na ƙaramin asibiti ba ne, kuma wannan shi ne abin da ake so ta gane da kanta. Ba za a ba shi ƙwayar maganin zazzaɓi ya haɗiya a sallame shi ba, ba za a ba shi ledar abincin tamowa a ce ya dawo mako mai zuwa ba. Za a ba shi maganin farko na kafin tafiya, wato atesunet, ko na allura ko na matsi ta dubura, wanda ga mai nauyinsa ƙwaya ɗaya ce mai miligiram 100. A kare shi daga faɗuwar sukari, a rubuta takardar turi da sunan maganin da lokacin da aka ba shi, a buga waya, a tabbatar da abin hawa. Sannan a zauna da mahaifin a yi masa bayani ƙarara cewa wannan maganin somin-taɓi ne, ko da yaro ya buɗe ido a hanya kada a juya gida. Iyaye da dama a nan suke juyawa, kuma sabon ma'aikaci ba zai san haka ba sai an gaya masa.

Gwajin zazzaɓi na tsinke shi ma yana buƙatar awa guda a wurin mai gwaji, duk da kowa na ganin abu ne mai sauƙi. Kurakuransa sanannu ne: a ɗiga ruwan gwajin wani kwali a kan tsinken wani kamfani, a karanta kafin lokacin da aka rubuta a jikin kwalin ya cika, wanda yawanci minti 15 zuwa 20 ne, ko a manta shi a kan tebur a dawo bayan awa guda a ga wani layi dishi-dishi a ce akwai cuta. Ta saba rubuta sunan mara lafiya da lokaci a jikin tsinken, ta kuma san cewa idan layin tabbaci bai fito ba gwajin ya lalace, sai a sake. Tun da a damina ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓi wata-wata, ta riƙa tambayar katin. Yaron da ya sha na wannan watan kuma gwaji ya nuna cutar, ba a yi masa magani da haɗin da ke da amodiyakwin, domin yana cikin abin da ya riga ya sha.

Talata da sassafe, kafin mata su taru, firji ne darasi. Ita za ta karanta ma'aunin sanyi ta rubuta a takardar da ke jikinsa, safe da yamma, har ƙarshen mako. Daga digiri 2 zuwa 8 ake so. A ƙasa mai zafi irin tamu kowa zafi yake tsoro, sai a manta cewa ƙanƙara ma tana kashe allura. Fenta, wadda ke kare yaro daga cututtuka biyar, da allurar ciwon hanta da ta sarƙewar haƙora, idan suka daskare sun tashi aiki, kuma ido ba zai nuna ba bayan sun narke. Shi ya sa ba a ɗauko ƙanƙara daga injin daskarewa a jefa kai tsaye cikin akwatin fita rigakafi. A bar ta a waje har sai an girgiza an ji ruwa na motsi a ciki. Allurar tarin fuka da ta ƙyanda da ta shawara kuwa, da zarar an haɗa su da ruwansu, awa shida ne iyakarsu ko ƙarshen zaman rigakafin, duk wanda ya riga zuwa. A rubuta lokacin haɗawa a jikin kwalba. Sabon ma'aikaci yakan ji nauyin zubar da kwalbar da ta rage rabi, yana tsoron a ce ya yi ɓarna, don haka incaj ya faɗa mata da bakinsa cewa zubarwar ita ce daidai. A ranar ta fara kallo, sannan ta yi wa yara kaɗan allura ana tsaye a kanta.

A wannan ranar ne kuma ya dace a yi maganar kariyar kanta. Ba a mayar wa allura murfi bayan an yi amfani da ita, akwatin kwali na zuba allurai ana rufe shi idan ya kai kashi uku cikin huɗu. Idan allura ta soke ta, ta wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu, ta faɗa nan take, domin maganin kariya daga ƙanjamau dole a fara shi cikin awa 72, kuma gara a awannin farko, a sha kwana 28. A gaya mata asibitin da ake samunsa. A tambaye ta ko ta cika allurar ciwon hanta guda uku. Matasa da yawa kan ɓoye sukar allura don kunya, sai lokaci ya wuce.

Laraba tana wurin ungozoma. Tun 2014 Najeriya ke da manufar da ta yarda a horar da jami'an lafiyar al'umma su ɗauki wasu ayyukan ceton rai a inda ungozoma ba ta isa ba, kuma gaskiyar ƙauye ita ce wata rana ungozoma za ta tafi biki ko jinya, naƙuda kuwa ba ta jira. To amma izinin takarda daban, iyawar hannu daban. Da safe ta auna jinin masu ciki, ungozoma na sake aunawa, har awonsu ya riƙa haɗuwa. Ta riƙe cewa 140 bisa 90 abin lura ne, 160 bisa 110 kuwa, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, gaggawa ce. Da yamma, bayan mata sun watse, a yi gwaji biyu da kayan gaske, ba da baki ba. Na farko zubar jini bayan haihuwa: ina oksitosin yake, yana cikin sanyi kuwa, wa zai murza mahaifa, wa zai sa ruwa, wa zai kira direba. Na biyu jijjiga: a kwantar da mace a gefenta, a ɗauko magniziyam salfet, giram 4 ta jijiya a hankali bayan an sirka shi, da giram 5 a kowane ɗuwawu, sannan a tura. Wurin sirkawar ne hannu ke rawa, don haka a rubuta lissafin da manyan baƙaƙe a manna a murfin akwatin, ta zuƙa da kanta sau biyu ko uku a gaban ungozoma. Man cibiya na kulohezidin, wanda Sakkwato ta riga sauran jihohi rarrabawa a ƙauyuka a 2013, a ja kunnenta ta riƙa gaya wa kowace mai jego cewa na cibiya ne kaɗai, idan ya shiga idon jariri yana iya makanta shi.

Rajista ba ta buƙatar yini guda, amma tana buƙatar a zauna a kanta. Alhamis da safe ta cika layuka goma da hannunta, mai koyarwa ta duba, sannan a nuna mata fom ɗin ƙarshen wata don ta ga inda kowane gurbi ke zuwa. Wanda bai ga fom ɗin ba ba zai gane dalilin raba sabon zuwa da mai dawowa ba. A haɗa da cututtukan da ba a jiran ƙarshen wata: yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, zawo kamar ruwan shinkafa, zazzaɓi da sandarewar wuya, ƙurajen ƙyanda. Waɗannan waya ake bugawa a ranar. Ta kuma saba buɗe bakin duk yaro mai tamowa ta duba dasashi, domin cutar noma daga nan take farawa, kuma asibitin da ke gyaran fuskar masu ita yana nan cikin Sakkwato.

Da la'asar ɗin Alhamis shugaban kwamitin unguwa ya raka ta gaisuwa wurin hakimi ko maigari, da limami, da tsofaffin ungozomomin gargajiya. Waɗannan matan su ne ke cewa a kai mai naƙuda asibiti ko a ƙara jira, kuma baƙuwar da ta je ta durƙusa ta ce “Inna, ga ni na zo aiki, a riƙa turo mana da wuri” ta sami abin da wata shida na zama a ofis ba zai ba ta ba. A hanyar dawowa a yi mata maganar tsaro ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Gabashin Sakkwato ya sha hare-haren 'yan bindiga, harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021 yana cikin waɗanda ba a manta ba. Ta san hanyar da ba a bi bayan la'asar, wanda ake tambaya kafin a fita rigakafi ƙauye, abin da ake yi da mara lafiyar da ke buƙatar turi cikin dare, da hanyar da ruwa ke yankewa a damina.

Juma'a da hantsi, kafin a tafi masallaci, incaj da mai koyarwa su zauna da ita. Kada a tambaye ta “Kin gane?”, domin kunya za ta sa ta ce e. A ce ta nuna: ta ƙirga numfashin yaro, ta auna dantse, ta yi gwajin tsinke, ta karanta firji, ta ɗauko akwatin gaggawa daga inda yake ba tare da an nuna mata ba. A takarda ɗaya a raba ayyukan gida uku: wanda za ta yi ita kaɗai, wanda za ta yi idan babba na kusa, da wanda ba za ta taɓa ba tukuna. Su uku su sa hannu, a ba ta kwafi. A tambaye ta kuma abin da ta gani wanda ya saɓa wa abin da aka koya mata a makaranta, a saurara da gaske, don wani lokaci ita ce ke da gaskiya, tsofaffin hannu ne suka saki layi.

Ko makon ya yi amfani, mako na biyu da na uku ne za su nuna. Idan takardar firji ta fara nuna lamba ɗaya kullum safe da yamma, rubutawa ake yi ba dubawa ba. Idan ta yi kwana goma cikin Agusta ba ta tura ko yaro ɗaya ba, ko kuma tana tura kusan kowa, a koma kan darasin layi. Idan ba ta taɓa kiran mai koya mata ba, a bincika ko tsoro ne ya hana ta. Aikin kwana kuwa ta fara shi tare da wani, aƙalla dare biyu ko uku, kuma kada sunanta ya fito shi kaɗai a jadawalin dare sai zubar jini da jijjiga da hura wa jariri iska sun bar gida na uku a takardar nan.